Wankin tufafi masu alamar "wankin presin kaɗai" a gida

Wasu tufafi suna zuwa da 'yar takarda ɗinke a wuya ko a gefe, an rubuta *Nettoyage à sec uniquement* da Faransanci ko *Dry clean only* da Ingilishi. Ma'anarsa kada a sa rigar cikin ruwa, a kai ta presin a wanke ta da magani. A Yamai an fi cin karo da wannan rubutu a jikin kwat, rigunan sanyi na ulu da rigunan mata na siliki, musamman na gwanjo da ake zaɓa a Katako ko Wadata idan hunturu ya ƙarato. Da yawa daga cikinsu suna wankuwa da hannu a gida ba tare da sun lalace ba. Wasu kuwa tsomawa ɗaya ta ishe su, ba guga ba dabara da za ta maido su. Abubuwa uku ne ke raba su: zaren da aka saƙa yadin da shi, rinin da aka yi masa, da abin da tela ya ɓoye a cikin rigar.

Abin da takardar ke faɗa

Wankin presin ba busasshe ba ne kamar yadda sunansa na Turawa ke nunawa. Cikin ruwan magani ake juya kayan a inji, sai dai ba ruwan sha ba ne. Wanda aka fi amfani da shi shi ne fakloro'etilin, wanda ke narkar da maiƙo amma ba ya kumbura zare kamar yadda ruwa ke yi. Shi ya sa riga ke fitowa da fasalinta yadda ta shiga.

Zane-zanen da ke kan takardar sun fi rubutun faɗin gaskiya. Tsari ne na ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 3758, wanda ya samo asali daga ƙungiyar GINETEX da aka kafa a Faris a 1963. Da'ira tana nufin wankin presin. Harafin da ke cikinta na mai presin ne: P na fakloro'etilin, F na magani mai sauƙi dangin man fetur, W kuma wankin ruwa ne amma a injin ƙwararru. Da'irar ba ta hana ruwa. Abin da ke hana ruwa shi ne hoton baho da aka soke da gicciye. Idan akwai da'ira kuma akwai baho da hannu a ciki, kamfanin da kansa ya yarda a wanke da hannu, a ruwan da bai wuce digiri 40 ba.

Kayan da suka fito daga Amurka suna da wani abin lura. Dokar ƙasar, wadda ta fara aiki a 1972, ta wajabta wa mai ƙera tufafi ya rubuta hanya ɗaya ta wanki da ba za ta ɓata rigar ba, ba dukkan hanyoyin ba. Saboda haka *Dry clean* zalla shawara ce, mai yiwuwa ruwa ma ba zai yi kome ba. Idan aka ƙara *only*, gargaɗi ne, kuma ana sa ran kamfanin yana da hujjar cewa ruwa na yi wa rigar illa. Hujjar tana iya zama a kan abu ɗaya tak, kamar shafi ko wani ado da aka manna. Takardar tana magana ne da bakin abin da ya fi rauni a jikin rigar.

Zare da rini

Auduga, lilin, foliyesta da nailan ba sa tsoron ruwa. Riga mara shafi da aka yi da ɗayansu tana wankuwa, ko me aka rubuta, muddin rininta ba ya zuba.

Ulu, wanda ake rubutawa *laine* ko *wool*, shi ne ya fi jawo kuka, alhali ba ruwan ne ke ɓata shi ba. Kowane silin gashin tunkiya yana da ƙananan ɓawo kamar na kifi. Idan ya jiƙe, ga zafi, ga sabulu mai kaifi, sannan aka cuɗa, ɓawon nan sai su sarƙe da juna, yadin ya dunƙule ya yi tauri. Rigar babban mutum ta koma ta ɗan shekara goma, kuma ba ta sake buɗewa. A cire zafi da cuɗa da omo, ulu zai sha ruwa ya fito lafiya.

Siliki ma yana jure ruwan sanyi, matsalarsa rini ne da sheƙi: mai launi mai duhu ko mai zane kan zuba, wani kuma ɗigon ruwa ke bar masa tabo. Ulu da siliki duka daga jikin dabba suke, don haka ruwan jabel yana cinye su, omo mai sinadarin cire tabon jini da ƙwai ma yana cin zarensu a hankali.

Wanda ya fi yaudara shi ne bisikos, *viscose* ko *rayon* a takarda. A hannu yana kama da auduga mai laushi, amma idan ya jiƙe ƙarfinsa kan ragu da kusan rabi, yana iya tsukewa ko ya miƙe ya karkace. Idan an rubuta wankin presin kaɗai a kan bisikos, gara a yarda da rubutun.

Gwajin rini ba ya ɗaukar minti biyu. A jiƙa farin ƙyalle da ruwa da ɗan sabulun da za a yi wankin da shi, a danna shi a cikin lanƙwasar gindin rigar inda ido ba ya kaiwa, a riƙe kamar minti ɗaya. Idan launi ya hau ƙyallen, magana ta ƙare. Idan bai hau ba, a bari wurin ya bushe a duba ko ya bar zobe ko ya tattare.

Rigar sanyi ta ulu: yadda ake yi

A ɗauki misalin rigar sanyi saƙaƙƙiya, ulu ɗari bisa ɗari, toka-toka, ba shafi, ba fata a gwiwar hannu, ta ci gwajin rini. Kafin ta taɓa ruwa a shimfiɗa ta a auna da tef ɗin tela: a ce faɗin ƙirji santimita 52, tsawo 66. A rubuta, don da su za a daidaita ta daga baya.

Ruwan ya zama mai sanyi, ƙasa da digiri 30. A Yamai wannan ba ƙaramar magana ba ce, don a watan Afrilu da Mayu ruwan famfo na rana yakan fito da ɗumi sosai, haka ma na jarkar da ta yini a tsakar gida. Na randa ko na asuba ya fi. Idan ruwan ya yi ja-ja lokacin damina, a bari ya kwanta tukuna. A zuba kamar lita 5 a baho da ƙaramin cokali ɗaya na sabulun wanke gashi mai laushi, a motsa ya narke kafin a sa rigar. Sabulun salo da na sanda suna da kaifin toka, ba na ulu ba ne.

A juya rigar ciki waje, a nutsa ta, a riƙa danna ta da tafin hannu a hankali, sannan a bar ta minti 10. Ba a cuɗawa, ba a murɗawa, ba a buga ta a dutse. Nan ne mai wanki da guga, wanda hannunsa ya saba da atamfa da kayan makaranta, yake yin ɓarna da kyakkyawar niyya. A ɗauraye sau biyu da ruwa mai sanyi daidai da na farko, don sauyin zafi kwatsam ma yana dunƙule ulu. Wajen fitarwa a tallabo ta da hannu biyu, kada a ɗaga ta kafaɗa, nauyin ruwan zai ja ta. A shimfiɗa ta kan tawul, a naɗe kamar tabarma, a danna, tawul ɗin ya shanye ruwan. Sai a kwantar da ita kan wani busasshen tawul a inuwa, a ja ta a hankali har ta koma 52 da 66. Ba a rataye ta a igiya. Da iskar hunturu, yini ɗaya ya isa.

Idan bayan ta bushe ta rage santimita ɗaya ko biyu amma idon saƙar yana fitowa, ana iya sake jiƙa ta a miƙe. Idan idon saƙar ya ɓace, ta yi kauri kamar bargo, ta dunƙule ke nan.

Inda ruwa ba shi da wuri

Kwat ba yadi ɗaya ba ce. A tsakanin ulun waje da shafin ciki akwai wani yadi mai tauri da ke riƙe ƙirji da kwala, ga matashin kafaɗa. A yawancin kwat na kasuwa da gam aka manna shi, a masu tsada kuma ɗinke yake. Kowane ɗaya daga cikin yadikan nan yana tsukewa gwargwadon nasa idan ya jiƙe. Sakamakon shi ne ƙirji ya yi ƙuraje-ƙuraje inda gam ya saki, kwala ta daina kwantawa, shafi ya leƙo ta ƙasa ko ya tattaro gindin. Ana iya gane irin wannan riga da yatsa: a tsunkule yadin ƙirji, idan ya fi na hannun riga kauri da tauri, akwai abu a ciki. Wandon kwat ɗin sau da yawa zai wanku, amma idan aka riƙa wanke shi shi kaɗai launinsa zai rabu da na rigar.

Haka fata da fata mai gashi-gashi, waɗanda ruwa ke fitar musu da mai su bushe su ƙage. Haka karan-miski, wanda gashinsa ke kwantawa ya ƙi tashi. Haka siket mai ƙananan ninki da aka kafa da zafi a yadin da ba foliyesta ba, da kayan amare masu duwatsun da aka manna da gam, da nakataye. Shadda mai tsada ba ta shiga wannan sahu ba, auduga ce, tana wankuwa. Abin da ake yi wa tsoro a kanta shi ne sheƙi, wanda wanki ke ragewa sannu a hankali, masu bugu kuma su maido da wani abu daga cikinsa.

Irin daudar ma tana yanke hukunci. Miyar manja ko man inji a kan siliki ko ulu aikin presin ne, don ruwan sanyi da ɗan sabulu ba za su ɗaga maiƙo ba. Gumi, shayi da zoɓo kuwa ruwa ne ke narkar da su, maganin presin shi kaɗai ba ya fitar da gishirin gumi sosai, shi ya sa ya kamata a nuna wa mai presin tabon a faɗa masa abin da ya zuba. Yana da kyau kuma a tambaya ko shagon yana da injin magani, don akwai masu allon presin da wankin ruwa da guga kawai suke yi.

Wasu kan kwaikwayi presin a gida da fetur ko kananzir. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya isa murhu ko kurfotin gawayi a wani lungun gidan, wuta ta biyo shi zuwa bahon. Kwat ɗin da ba ta da tabo ba ta ma bukatar wanki akai-akai: buroshi mai laushi yana kakkaɓe ƙurar hunturu, a goge cikin kwala da ɗanyen ƙyalle da aka matse sosai, a rataye ta a kan marataya mai faɗin kafaɗa ta kwana a inuwa inda iska ke wucewa.