Kulawar sauƙaƙa raɗaɗi ga mai ciwon dajin da ya yi nisa

Kulawar sauƙaƙa raɗaɗi ita ce jinyar da ake tsara wa mai cutar da ta gagari warkewa, kamar ciwon dajin da ya bazu zuwa ƙashi ko hanta ko huhu. Manufarta majinyaci ya samu barci, ya ci abin da zai iya, ya zauna cikin iyalinsa da hankalinsa. Wata likitar Birtaniya, Cicely Saunders, ce ta kafa tushen wannan fanni da ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967. Ita ta nuna cewa azabar mai ciwon daji ba a jiki kaɗai take ba, akwai ta tsoro da ta bashi da ta tunanin makomar 'ya'ya.

Matakan magani

A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakai uku. Ciwo mai sauƙi ana ba shi farasitamol, kada ya wuce giram 4 a rana ga babba. In bai ji ba, a hau kodin ko tiramadol. Ciwo mai tsanani kuwa na morfin ne, kuma ba sai an bi ta matakan ƙasa ba. Ƙa'idar ita ce a sha ta baki, a kan lokaci. Wannan ne wurin da aka fi yin kuskure: a jira sai mutum ya fara murƙususu sannan a ɗauko kwalba. Morfin na ruwa aikinsa kusan awa huɗu ne, don haka ana ba da na gaba tun na baya bai sake shi ba.

A ɗauki misalin mace mai sankarar mama da ta shiga ƙashin baya. Likita ya rubuta mata miligiram 5 duk awa huɗu, wato miligiram 30 a kwana ɗaya (tsoho ko wanda ya rame sosai da rabin haka ake fara masa). Idan ciwon ya taso tsakanin lokutan, kamar sa'ad da ake ɗaga ta a yi mata wanka, ana ba ta ƙari daidai da kashi ɗaya cikin shida na maganin kwana ɗaya, wato miligiram 5. 'Yarta tana rubuta kowane ƙari a takarda. Washegari aka ga ta sha ƙari sau uku, wato miligiram 15, in an haɗa da 30 ɗin nan jimilla miligiram 45. Sai likita ya raba wannan gida shida, sabon awonta ya zama 7.5 duk awa huɗu. Takardar nan ta 'yarta ita ce idon likita a cikin gida, shi ya sa bai kamata a raina ta ba.

Morfin yana hana bayan gida fita, kuma jiki ba ya sabawa da wannan, saboda haka tun ranar farko ake haɗa shi da maganin sassauta ciki. Tashin zuciya da gyangyaɗi sukan wuce cikin 'yan kwanaki. Alamar maganin ya yi yawa dabam ce: barcin da ake tashin mutum da ƙyar, numfashi ƙasa da takwas a minti, ƙwayar ido ta tsuke, gaɓoɓi na fizga. Yakan faru idan ƙoda ta yi rauni. A nan sai a dakatar da na gaba, a nemi likita nan take. Ciwon jijiya mai zafi kamar wuta ba ya jin morfin sosai, yana buƙatar wani magani a haɗa, ciwon ƙashi kuma sau da yawa gashi na asibiti, wato haska wurin da na'ura mai kashe ƙwayoyin cutar daji, yana kwantar da shi.

Iyali

Yawancin jinya a gida ake yin ta, kuma galibi mace ɗaya ce ke ɗauke da ita dare da rana. Tsari mai kyau yana rubuta wa zai karɓe ta, wa ke riƙe da makullin inda aka adana magani, wa za a kira tsakar dare. Ana koya wa masu jinya juya majinyaci duk awa biyu don gudun gyambon kwanciya, da jiƙa masa baki da auduga. Idan ya daina son abinci, cutar ce ta kawo haka, ɗura masa kunu kuwa yana iya sarƙe shi. Iyali kan ji kamar sun bar shi da yunwa, dole a zaunar da su a yi musu wannan bayani a tsanake.

Dangi sukan roƙi likita ya ɓoye wa majinyaci gaskiya, don ƙauna. Hanyar da ta fi ita ce a tambaye shi abin da ya fahimta da iya abin da yake son sani. Da yawa sun riga sun gane, suna jiran wanda zai ba su damar yin wasiyya, su biya bashi, su nemi gafarar wani. Ana taƙaita masu dubiya zuwa lokacin da magani ke aiki, a kira malami ko fasto in ya buƙata. Bayan rasuwa, ma'aikatan kan koma su duba wadda ta yi jinyar, ragowar morfin kuma a mayar da shi asibitin da ya bayar.