Haifotesis: zaton da ya yarda a gwada shi

Ɗalibin sakandare yakan fara cin karo da kalmar haifotesis ne a ranar da malamin kimiyya ya zana matakan bincike a allo: lura, tambaya, haifotesis, gwaji, sakamako. Sai a ba shi ma'ana ta layi ɗaya ya haddace, wai zato ne na mai ilimi. Da wannan ma'anar zai ci jarrabawa, amma ba za ta taimake shi ba ranar da aka ce ya rubuta nasa. Ilimin mai zato ba shi ke mayar da zato haifotesis ba. Farfesa ma yana shaci-faɗi, yaron firamare kuma yana iya kawo haifotesis mai kyau. Abin da ake dubawa yana cikin maganar kanta: shin ta yi bayanin dalilin wani abu da aka gani, kuma shin akwai wani sakamako da in ya fito zai ƙaryata ta?

A Hausa mukan fassara kalmar da hasashe, kuma ba laifi, sai dai hasashe ya ɗauki kaya biyu. Akwai hasashe irin na masu duba yanayi, cewa gobe za a yi ruwa, wato faɗin abin da zai faru. Akwai kuma bayanin dalilin da ya sa abu yake faruwa. Haifotesis shi ne na biyun, na farkon kuma daga cikinsa ake ciro shi. Shi ya sa zan bar kalmar yadda ɗalibai suke faɗinta a aji, don kada su cakuɗe mana.

Mu ɗauki abin da kowa ya taɓa gani. Aka bar nama a buɗe kwana biyu ko uku lokacin zafi, sai ga tsutsa. Daga ina ta zo? Shekaru aru-aru masanan Turai, bisa koyarwar da suka gada tun daga Aristotle, masanin Girka na zamanin da, sun tafi a kan cewa ruɓaɓɓen naman ne da kansa yake haifar da tsutsar. Ba wawaye ba ne. Abin da ido yake nunawa ke nan: jiya babu, yau akwai, kuma ba wanda ya ga ta shiga.

Francesco Redi, likita a ƙasar Italiya, ya wallafa sakamakon gwajinsa a kan wannan a shekarar 1668. Ya fara ne da lura. Ya ga ƙudaje suna yawan sauka a kan naman kafin tsutsa ta bayyana, ya kuma ajiye tsutsotsin har suka ƙanƙame, daga baya ƙudaje suka fito daga cikinsu, irin waɗanda suke sauka a kan naman tun farko. Da a ce ya tsaya a nan ya ce "ina jin dai akwai hannun ƙuda a wannan lamari", da zato ya yi. Zato ne mai kyau, amma ba ya ɗaure mai shi da komai. Ko an ga tsutsa ko ba a gani ba, yana iya cewa ai dama abin da nake nufi ke nan. Redi ya matsa gaba ya ɗaure kansa: tsutsa daga abin da ƙuda ya ajiye a kan nama take fitowa, ba daga naman ba. Wannan shi ne haifotesis. Daga cikinsa kuma hasashe ya fito kai tsaye: in haka ne, naman da aka hana ƙuda isa gare shi ba zai yi tsutsa ba, komai ruɓewar da ya yi.

Ka ga inda haɗarin yake. Tsutsa ta bayyana a naman da ƙuda bai taɓa ba, maganar Redi ta rushe, ba shi da wurin ɓuya.

Sai ya samo manyan kwalabe huɗu masu faɗin baki, ya sa maciji a ɗaya, kifi a ɗaya, wani kifin mai siffar maciji a ta uku, naman maraƙi a ta huɗu, ya toshe su sosai. Ya sake cika wasu huɗun da irin kayan, ya bar su a buɗe. Na buɗen suka yi tsutsa, na rufen suka ruɓe suka yi wari amma ba tsutsa.

Nan fa masu ɗayan ra'ayin suke da abin cewa, kuma magana ce mai ma'ana: ai ka hana iska shiga, wataƙila naman yana buƙatar iska kafin ya haifi tsutsa. Wannan ma haifotesis ne, kishiyar na Redi, kuma sakamakon farko ya dace da su duka biyun. Gwajin da bai raba kishiyoyi ba bai gama aiki ba. Don haka Redi ya sake, wannan karon ya rufe bakin da yadi shara-shara wanda iska ke ratsawa amma ƙuda ba ya wucewa. Ƙudaje suka taru a kan yadin saboda warin, har tsutsa ta bayyana a samansa, naman da ke ciki kuwa bai haifi komai ba.

Ana iya maimaita wannan a kowace makaranta ba tare da ɗakin gwaji ba. Kwalabe tara sun isa: uku a buɗe, uku da murfi a ɗaure, uku a rufe da yadi mai laushi an ɗaure da roba. Me ya sa uku-uku? Domin kwalba ɗaya tana iya ba ka sakamako bisa tsautsayi. Naman ya zama daga tsoka ɗaya, girma ɗaya, a jera su a inuwa ɗaya, a riƙa dubawa kullum ana rubutawa har mako guda. Abu ɗaya tak ake sauyawa, wato hanyar da ƙuda zai bi ya isa ga naman.

Abin da ya fi koyar da ɗalibai shi ne ranar da gwajin ya ƙi. An buɗe ido da safe, ga tsutsa a kwalbar da aka ɗaure da murfi. Aji zai kaure, wasu su ce Malam, Redi ya yi ƙarya. To, a yi haƙuri tukuna. Naman daga teburin mahauci ya zo, inda ƙuda ya riga ya sauka a kansa, ƙwan ƙuda kuma ƙanana ne farare, cikin zafi ba sa wuce kwana guda su ƙyanƙyashe. Ba haifotesis kaɗai gwaji yake aunawa ba, yana auna shi ne tare da wasu abubuwan da muka ɗauka haka suke ba mu faɗa ba, kamar cewa naman ya shiga kwalba da tsabtarsa. Maganin shi ne a yanko daga tsakiyar tsoka da wuƙa mai tsabta, a rufe nan take, a sake. Kuma a lura, "akwai ƙwai tun daga kasuwa" shi ma magana ce da ake iya gwadawa, shi ya sa ba ta zama kame-kame ba. In an gyara wannan sau da yawa, tsutsa ba ta daina fitowa a rufaffiyar kwalba ba, to ba sauran uzuri, haifotesis ɗin ne da matsala. Akwai kuma akasin haka: lokacin hunturu naman na iya bushewa kamar kilishi, ko na buɗen ma ya ƙi yin tsutsa. Wannan gwajin bai nuna komai ba, domin kwalaben da ake kwatantawa da su ba su yi abin da aka sa su yi ba.

Ko da komai ya tafi daidai, a kula da abin da za a rubuta a ƙarshe. Ɗalibai suna son rubuta cewa sun tabbatar da haifotesis ɗinsu. Abin da ya faru shi ne sakamakon ya goyi bayansa, ya tsallake wannan jarrabawar. Kuma iyakarsa tsutsa da nama.

Tarihin ma haka ya nuna. Bayan Redi, mutane sun yarda a kan tsutsa, amma suka ce ƙananan halittun da ake gani a madubin ƙara girma, su kam daga romo suke tasowa da kansu. John Needham ya tafasa romo ya rufe, ya same su a ciki bayan kwanaki. Lazzaro Spallanzani ya daɗe yana tafasa nasa, ya narkar da bakin kwalbar ya liƙe, bai same su ba, sai tsohon ƙorafin iska ya dawo. Kusan shekaru ɗari biyu bayan Redi, a farkon shekarun 1860, Louis Pasteur a Faransa ya yi amfani da kwalba mai dogon wuya a lanƙwashe, iska na shiga amma ƙura na maƙalewa a lanƙwasar. Romon ya zauna garau. Da ƙura ta samu hanyar isa gare shi, sai ya lalace.

A nan ne muka iso tiyori, ko nazariyya kamar yadda wasu ke rubutawa. Kalmar ta sha wahala a bakinmu. A jarrabawar WAEC da NECO tiyori na nufin takardar da ake rubuta dogon bayani, a hira kuma in an ce wa mutum "wannan tiyori ne kawai", ana nufin surutu ne da ba a gani a aikace ba. A kimiyya ma'anar ta yi hannun riga da wannan. Tiyori babban bayani ne da ya ɗinke abubuwa masu yawa wuri guda, bayan haifotesis da dama sun sha gwaji a hannun mutane daban-daban. Nazariyyar ƙwayoyin cuta misali ce: ta tsaya a kan aikin Pasteur, da na Joseph Lister da ya riƙa kashe ƙwayoyin a wurin tiyata, da na Robert Koch da ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882, da na wasu masu yawa. Ita ce ke bayyana dalilin da ya sa tafasa ruwa ke kare mutum daga kwalara, da dalilin da ya sa ba a maimaita allura ɗaya ga mutum biyu. Kwalba tara ba za su gina irin wannan ba, kwalba ɗaya da ta ba da sakamakon ban mamaki kuma ba za ta rushe ta ba. Sai an fara bincikar kwalbar.

Saura kuskure ɗaya da nake yawan ji, har daga bakin malamai: wai haifotesis in ya girma ya zama tiyori, tiyori in ya tabbata ya zama doka, kamar ƙarin girma a aikin gwamnati. Ba haka ba ne. Doka tana siffanta yadda abu yake gudana, galibi da lissafi, tiyori kuma yana faɗin dalili. Dokar Boyle ta ce in ka matse iskar gas ba tare da sauya zafinta ba, ka rage wurin da take ciki zuwa rabi, matsinta zai ninka. Ba ta faɗi me ya sa ba. Nazariyyar da ta ce gas ƙananan ƙwayoyi ne masu gudu suna bugun bangon abin da suke ciki, ita ta ba da dalilin: wuri ya ragu, bugun ya yawaita. Dokar ma ta riga cikakkiyar nazariyyar zuwa, tun 1662, kuma har yau kowacce tana nan da sunanta a littafin kemistiri ɗaya.