Dalilin da ya sa ƙasar Sin take bin agogo ɗaya duk da faɗinta

Duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a kowace awa, ko minti 4 a kan kowane digiri. Da rana kaɗai ake bi, da ƙasar Sin, mai faɗin digiri 60 da 'yan kai daga yamma zuwa gabas, ta kasu shiyyoyin lokaci biyar. Haka kuwa take a da. Bayan 1949 gwamnati ta haɗe su, kowa ya koma kan agogon Beijing, UTC+8, wato awa 8 gaba da agogon GMT, wanda ake lissafawa daga layin digiri 120 gabas. Babu dokar ƙasa da ƙasa da ta hana haka, domin kowace ƙasa ita ke tsayar da lokacinta.

Dalilin a fili yake. Yawancin jama'a suna zaune ne a gabas, inda agogon ya yi kusan daidai da rana. Jadawalin jirgin ƙasa da sanarwar gwamnati duk suna tafiya kan lokaci guda, ba mai ƙari ko ragi. Akwai kuma siyasa a ciki: agogo ɗaya alama ce ta ƙasa ɗaya.

Mutanen yamma ne ke ɗaukar nauyin. Birnin Kashgar a yankin Xinjiang yana wajen digiri 76 gabas. A cire 76 daga 120, saura 44. A ninka da minti 4, an sami minti 176, kusan awa uku. Ke nan rana ba ta tsayuwa tsaka a can sai wajen ƙarfe 3 na agogon hukuma, kuma a tsakiyar hunturu sai wajen ƙarfe 10 take fitowa. Maimakon a taɓa agogo, sai aka matsar da lokacin aiki: ofisoshi a Xinjiang sukan buɗe ƙarfe 10. Mutane da yawa, musamman 'yan ƙabilar Uyghur, suna kuma bin agogon yankinsu, UTC+6. A nan ake yin kuskure. In aka ce a haɗu ƙarfe 4 ba a faɗi na wane agogo ba, wani zai yi jiran awa biyu. Tikitin jirgi dai kullum agogon Beijing ne.

Amurka ta bi ɗaya hanyar. Dokar 1918 ta tabbatar da shiyyoyinta, kuma yau ma'aikatar sufuri ce ke da ikon matsar da iyakokinsu. Ƙarfe 12 a New York, 11 ne a Chicago, 10 a Denver, 9 a Los Angeles. Agogo yana kusa da rana a ko'ina, amma lissafi ya koma kan matafiyi: jirgin da ya tashi daga New York ƙarfe 9 na safe, ya yi awa shida a sama, ƙarfe 12 zai sauka Los Angeles. Iyakokin ma sukan raba jiha ɗaya gida biyu, kamar yadda suka yi wa Kentucky da Tennessee, har garuruwa maƙwabta su bambanta da awa guda.