Mene ne jarin juyawa a tsarin kasuwancin kayan kwalliya?

Duk wadda ta zauna rubuta tsarin kasuwanci don kai wa banki ko shirin tallafi za ta tarar an nemi ta raba kuɗin da take buƙata gida biyu. Na farko kuɗin kayan aiki ne: injin gauraya, sikeli, tukwane, kwanonin zuba sabulu, gyaran shago. Na biyu shi ne jarin juyawa, kuma a nan ne dosiyen masu sabulu da man shafawa ya fi yin rauni.

Jarin juyawa shi ne kuɗin da ke riƙe sana'a tun daga ranar da kika biya kuɗin mai da soda har zuwa ranar da kuɗin sabulun da kika yi da su ya dawo hannunki. A tsakanin ranakun nan biyu haya ba ta tsayawa, kamfanin wuta na kawo takarda, yaran aiki na jiran albashi, kuma dole ki sayi kayan haɗi na zubi na gaba. Kayan aiki sau ɗaya ake sayensu a yi shekaru ana mora. Jarin juyawa kuwa fita yake ya dawo, ya sake fita, kuma muddin sana'ar na tafiya wani kaso nasa yana waje kullum: a buhun kayan haɗi, a kan katakon shanya, ko a littafin bashi na masu kanti.

Abin da ya sa ma'aikacin banki ke ƙura wa wannan layi ido shi ne, riba da tsabar kuɗi ba abu ɗaya ba ne. Sana'a na iya nuna riba mai kyau a takarda, amma ranar biyan bashi a duba asusu a tarar babu komai. Banki kuwa da tsabar kuɗi ake biyansa.

Mu ɗauki misali, da alƙaluma na kwatance. Wata baiwar Allah a Yamai tana son yin sabulun man kaɗanya, guda 1,000 a wata. Kowane guda yana cin sefa 400 na mai, soda, turare da takardar naɗi, wato 400,000 a wata. Haya, wuta, albashin mutum biyu da kuɗin kai kaya sun kama 150,000. Abin da ke fita kowane wata 550,000 ke nan. Tana sayar da kowane guda a kan sefa 750, ciniki ya zama 750,000, riba 200,000. Da wannan lissafi ta nemi rancen miliyan 2: ta ware miliyan 1 da dubu 700 don kayan aiki da ƙawata shago, ta bar 300,000 don sayen kayan haɗi. A ganinta, da zarar sabulu ya fito, shi zai riƙa ciyar da kansa.

To yaushe zai fito? Kayan haɗi ba a ranar zubi ake sayensu ba. Man kaɗanya daga wajen Gaya ko daga ƙasashen maƙwabta yake zuwa, turare da kwalaye kuma galibi kayan waje ne, don haka a ce sati biyu kafin komai ya haɗu. Sabulun da ake haɗawa a sanyi, ba tare da dafawa ba, yana buƙatar sati huɗu zuwa shida a shanya kafin ruwansa ya ragu ya yi tauri. Wadda ta gaggauta ta fitar da shi ɗanye, sabulun zai riƙa narkewa da wuri a banɗaki, kuma mai saye ba za ta dawo ba. Mu ba shi wata guda. Bayan an naɗe, a ce wani sati biyun kafin kaya su bar hannu. Wata biyu sun tafi ke nan ba a ga ko dala ba. Idan kuma masu kanti da masu gyaran gashi suka karɓa, yawancinsu cewa za su yi, “Hajiya, ajiye, in an sayar ki zo ƙarshen wata.” Wata na uku ke nan.

Yanzu a jera watannin. Wata na farko 550,000 sun fita, ba abin da ya shigo. Wata na biyu haka, ramin ya kai miliyan 1 da dubu 100. Idan duk kayan bashi aka bayar, wata na uku ma ba shiga, ramin ya kai miliyan 1 da dubu 650. Idan rabin kayan hannu da hannu take sayarwa, a shago ko ta waya, 375,000 za su shigo a wata na uku, ramin ya tsaya a miliyan 1 da dubu 275. Daga wata na huɗu ne cikakken cinikin 750,000 zai fara shiga, ramin ya soma cikewa da 200,000 kowane wata. Wurin da ramin ya fi zurfi, shi ne jarin juyawar da wannan sana'a ke buƙata. Ita kuwa 300,000 ta ware, kuɗin da ko kayan haɗin wata guda bai cika ba. Da an ba ta rancen yadda ta nema, da a wata na biyu za ta zauna da sabon inji da shago mai sheƙi, ba kuɗin sayen mai.

Wannan jerin watanni shi ake sawa a dosiye a matsayin jadawalin shiga da fitar kuɗi, wata-wata, na aƙalla shekara guda. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ana rubuta kuɗi a watan da ya shiga hannu ko ya fita, ba a watan da aka yi ciniki ba. Mai duba dosiye da ya ga ciniki ya fara a wata na farko, alhali a wani shafi an rubuta cewa sabulu na yin wata guda a shanya, ya san ba a yi lissafin ba. Haka in ya ga watanni goma sha biyu duk adadi ɗaya.

Gyaran dosiyen nan bai buƙaci ƙarin rance ba. Sai ta rage kayan aiki zuwa miliyan 1 da dubu 200, ta haƙura da madubai da fitilun ado har sana'a ta kama ƙasa, ta sa jarin juyawa miliyan 1 da dubu 300. Jimilla miliyan 2 da rabi. Ta kawo 500,000 nata na kanta, daga adashi ko ajiya, banki ya ba da miliyan 2 ɗin da ta nema tun farko. Bankuna dama sukan so su ga mai neman rance ta zuba nata kason. A ganina wannan dosiyen ya fi na farko ƙarfi nesa ba kusa ba, duk da shagon zai fito ba ado.

Saura wani abu da ake yawan mantawa: biyan rancen kansa yana cikin abin da ke fita. Miliyan 2 a shekara biyu ya haura 83,000 kowane wata, uwar kuɗi kaɗai, ban da kuɗin ruwa da na buɗe dosiye. Idan biya ya fara tun wata na farko, ramin zai ƙara zurfi da 250,000 cikin wata uku. Shi ya sa a cikin dosiyen ake neman a ɗaga fara biyan uwar kuɗi na wata uku ko huɗu, a kuma nuna dalili da jadawalin: ga watan da sabulu ke shanya, ga watan da masu kanti za su biya. Roƙon da ke da jadawali a bayansa ya fi saurin samun kunne. A tambaya kuma ko kuɗin ruwa na ci gaba da hawa a lokacin ɗagawar, domin sau da yawa yana hawa.

Yanayin ƙasarmu ma yana taɓa wannan lissafi. Da damina ake tsintar ƙwarar kaɗanya, kuma bayan an sarrafa ta ne mai ya fi samuwa. Wadda ta sayi man wata shida a lokacin za ta samu sauƙin farashi, amma ta ɗaure kuɗi mai yawa a wuri guda, dole ya fito a jadawali. Man shafawa ya fi tafiya da hunturu, lokacin da fata ke bushewa, kayan ƙamshi kuma gab da Salla da lokacin bukukuwa. Kayan da za a sayar da Salla, wata biyu kafin nan ake kashe kuɗinsu, don haka watan da ya fi cin jari yana zuwa ne kafin watan da ya fi ciniki. A watannin Afrilu da Mayu kuwa zafin Yamai da Tawa na haura digiri 40, man kaɗanya yana narkewa a cikin roba, in ya sake daskarewa ya yi tsaki-tsaki. Tara man shafawa da yawa a wannan lokaci kasada ce, sai dai in an sa kuɗin wurin ajiya mai sanyi a lissafi.

Ƙaruwar ciniki ma tana da nata tarko. In wani babban kanti ya ce a kawo masa guda 1,000 kowane wata, biya bayan kwana 30, labari ne mai daɗi, amma yana nufin ƙarin 400,000 na kayan haɗi har sau uku kafin kuɗinsa na farko ya shigo. Dosiyen da ya ce ciniki zai ninka a shekara ta biyu, ya bar jarin juyawa yadda yake, ya saɓa wa kansa.

Wajen masu tallafi hankalin ya ɗan bambanta. Ba biya suke jira ba, so suke su ga sana'ar na raye bayan kuɗinsu ya ƙare. Gidauniyar Tony Elumelu, alal misali, tana ba waɗanda ta zaɓa daga ƙasashen Afirka jarin farawa na dalar Amurka 5,000 bayan horo. Wasu shirye-shiryen kuwa kayan aiki kawai suke saya, su biya mai kaya kai tsaye bisa takardar farashi, wasu kuma kashi-kashi suke sakin kuɗi. In shirin na kayan aiki ne zalla, sai a rubuta ƙarara inda jarin juyawa zai fito, ko daga aljihu, ko ƙaramin rance, ko dillalin da ya yarda ya ba da kayan haɗi bashi na sati biyu. Wannan sati biyun kaɗai, a misalinmu, yana rage buƙata da kusan 200,000.

Kowane adadi a jadawalin yana son shaida a bayansa. Takardun farashi daga masu sayar da mai, soda da kwalaye, littafin cinikin watannin baya in an riga an fara daga gida, takardar motsin asusun banki, da rubutacciyar yarjejeniya da kanti ko biyu da ke nuna ranar da suke biya. A haɗa su da lambar rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF, waɗanda a Yamai ake nema a ofishin rajistar kamfanoni da ke ƙarƙashin majalisar 'yan kasuwa. Wadda ba ta fara sayarwa ba tukuna, gara ta yi zubi ɗaya ƙarami da kuɗinta, ta rubuta ranar da ta sayi mai, ranar da sabulu ya bushe, da ranar da kuɗin guda na ƙarshe ya shigo, sannan ta gina jadawalin a kan waɗannan ranaku.