Auren rajista: iyaye ba sa cin gado idan mamaci ya bar 'ya'ya

A Kaduna mun saba jin cewa duk wanda ya rasu ya bar 'ya'ya, uwa da uba suna da sudusi-sudusi a dukiyarsa. Hukuncin gadon Musulunci ke nan, kuma daidai ne a muhallinsa. Kuskuren shi ne ɗauka cewa ya hau kan kowa.

Wanda ya yi auren rajista ƙarƙashin dokar aure ta tarayya, ya rasu bai bar wasiyya ba, rubutacciyar doka ce ke raba gadonsa. Tushenta dokar Ingila ce ta 1670: matar ta ɗauki kashi ɗaya bisa uku, 'ya'ya su raba sauran daidai wa daida, mace da namiji. Iyaye kuwa a bayan 'ya'ya suke. Muddin akwai ɗa ko 'ya, ba su da kaso.

A ce bayan biyan bashi an samu naira 2,400,000, ga mata, ɗa, 'ya da iyaye biyu. A wannan lissafin matar tana da 800,000, kowane yaro 800,000. A Musulunci kuwa matar 300,000 ce, uwa 400,000, uba 400,000, yaran su raba 1,300,000, namiji ya ɗauki ninkin rabon mace.

Abin da ke damuna shi ne tsohuwar da ɗanta ke saya mata magani duk wata, ta wayi gari ba ta da ko sisi. Wanda ya yi irin wannan aure, yana son iyayensa su samu wani abu, sai ya rubuta wasiyya tun yana raye, ya sa hannu gaban shaidu biyu waɗanda ba su da rabo a cikinta.