Goge bayan hoto da rufe shi da maski

Hanya biyu ake bi a cire bayan hoto a Photoshop ko GIMP, a ido duk ɗaya suke amma a ciki ba haka ba ne. Gogewa da Eraser tana kashe fiksil ɗin ne gaba ɗaya daga leya, shi kuwa maski, wanda ake gani a allo da suna Layer Mask, wani shafi ne na baƙi da fari da ake liƙa wa leyar, inda yake fari hoto ya fito, inda yake baƙi ya ɓuya, ruwan toka kuma ya nuna shi dishi-dishi. Hoton na nan ƙasa cif, lulluɓe shi kawai aka yi.

A ɗauki mai haɗa fosta a Sakkwato da aka kawo mashi hoton wani basarake da farin rawani a gaban farin bango, ana son a sa shi kan kore. Farin rawani da farin bango ai sai a hankali, yana cikin gogewa ya haɗa da gefen rawanin bai lura ba, ya yi sabin ya rufe, washegari masu aiki suka zo suka ce ina sauran rawanin Ranka-ya-daɗe? Ctrl+Z ba ta da amfani a nan, don History na Photoshop matakai 50 yake riƙewa in ba a canza ba, kuma da an rufe fayil ya tafi. Sai dai ya nemo hoton asali ya sake yanka daga farko, in ma bai yi sabin a kansa ba ke nan.

Da maski ya yi, sai ya danna ɗan akwatin maskin a gefen leya, ya ɗauki burushi da fari ya shafa wurin, rawani ya dawo. In ya wuce gona da iri bango ya leƙo, ya danna X launi ya koma baƙi ya sake rufewa. A Photoshop, Shift da danna akwatin na kashe maskin na ɗan lokaci a ga hoton yadda yake, Alt da dannawa kuma na nuna maskin tsirararsa, a nan ake kama ɗigo-ɗigon da aka tsallake.

Kuskuren da sababbin hannu suka fi yi shi ne shafa a kan hoton maimakon maskin, alamarsa baƙin fenti zai fito ɓaro-ɓaro a kan rigar mutum maimakon ta ɓace.

Maskin ma yana da iyaka. Yana rayuwa ne a fayil ɗin PSD, ko XCF a GIMP. In aka fitar da PNG ya tafi, sai bayan da ba komai, JPEG kuwa ko wannan bai riƙewa, cike wurin yake da launi, galibi fari. Haka in aka danna Apply Layer Mask, abin da ke ɓoye ya goge ke nan, daidai da an bi shi da Eraser.