Ƙarfi a shimfiɗa, rauni a gwajin maniyyi: tambayoyi da amsoshi kan barikosil, kumburin jijiyoyin maraina

"Likita, shekara 2 da aurenmu ko ɓatan wata matata ba ta taɓa yi ba. Ni lafiyata ƙalau a shimfiɗa, maniyyina kuma da kauri. Amma gwaji ya ce ƙwayoyina miliyan 9 ne, likita kuma ya ce ina da barikosil. Ta yaya?"

Malam, duka biyun suna iya zama gaskiya a jikin mutum ɗaya, domin aiki biyu ne daban. Miƙewar gaba aikin jini ne da jijiyoyin saƙo: sha'awa ta taso, ƙwaƙwalwa ta aika umarni, hanyoyin jini su buɗe, jini ya cika mazakuta ya tsaya a ciki. Ƙwayoyin haihuwa kuwa a cikin 'ya'yan maraina ake ƙera su, a wasu siraran bututu da ke naɗe a ciki. A tsakankanin bututun nan akwai wasu ƙwayoyin jiki na dabam masu samar da sinadarin testosteron, wanda ke riƙe sha'awa. Su waɗannan sun fi juriya. Zafi ko wata cuta na iya raunana bututun har yawan ƙwayoyin haihuwa ya faɗi warwas, alhali testosteron na nan daidai, namiji yana jin kansa garau.

Kaurin maniyyi ma ba shaida ba ne. Ƙwayoyin haihuwa ba su kai kashi 5 cikin 100 na ruwan da ke fita ba. Kusan kashi biyu bisa uku daga wasu jakunkuna biyu da ke bayan mafitsara yake zuwa, mafi yawan ragowar kuma daga furostet, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsara. Wanda aka ɗaure wa bututun maniyyi don tsayar da haihuwa yana kusantar iyalinsa, yana kawowa, ruwan yana nan da kamanninsa, amma babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Ido ba ya iya rarrabewa, sai an ɗora a madubin ɗakin gwaji. Akasin haka ma na faruwa: mai ciwon suga da gabansa ya yi sanyi yana iya samun ƙwayoyi miliyan 60 masu lafiya, matsalarsa isar da su ce kawai.

"Me lambobin takardar suke nufi? An rubuta 2.5, da 9, da 30%."

Ta farko yawan ruwan ne, mililita 2.5. Ta biyu ƙwayoyi miliyan 9 ne a kowace mililita ɗaya. Ta uku tana cewa 30 cikin kowace 100 ne ke motsi. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya sa ƙaramar iyaka a mililita 1.4 na ruwa, miliyan 16 a kowace mililita, miliyan 39 a jimillar abin da ya fita, da kashi 42 masu motsi, waɗanda aƙalla kashi 30 na dukkan ƙwayoyin su zama masu tafiya gaba sosai. Idan takardarka ta ce miliyan 15 da mililita 1.5, ɗakin gwajin yana kan ma'aunin 2010 ne, kuma bambancin bai taka kara ya karya ba.

Kada ka tsaya a kan 9 ɗin nan ita kaɗai. Ka ninka: 2.5 sau 9 ya ba da miliyan 22.5 a jimilla, ƙasa da 39. Kashi 30 na wannan kuma miliyan 6.75 ne. Wannan lamba ta ƙarshe, jimillar masu motsi, ta fi kowacce faɗa wa likita inda aka dosa. Bisa ƙiyasin da likitoci da yawa ke aiki da shi, sama da miliyan 20 ba abin damuwa ba ne. Tsakanin 5 da 20 ciki na iya shiga da kansa amma yakan ɗauki lokaci, kuma ana iya wanke maniyyin a zuba shi kai tsaye cikin mahaifa. Ƙasa da 5 akan fara maganar haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji. Kai kana ƙasan rukunin tsakiya.

Wani abu da ke firgita mutane ba dalili shi ne layin siffa. Mutum ya ga an rubuta kashi 5 ne kawai masu cikakkiyar siffa, sai gabansa ya faɗi. Iyakar kashi 4 ce, wato ko a jikin mazan da ke haihuwa mafi yawan ƙwayoyin ba sa cika sharaɗin siffar. Kuma iyakokin nan gaba ɗaya an ciro su ne daga mazan da matansu suka samu ciki cikin shekara ɗaya: 5 cikin 100 na waɗannan ubannin suna ƙasa da iyakar, kuma sun haihu.

"Shin gwaji ɗaya ya isa a yanke hukunci?"

Bai isa ba. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ta kammala, sannan ta ƙara wasu kwanaki tana nuna a hanyar fita. Abin da aka gani yau labarin wata 3 da suka wuce ne. Zazzaɓi mai zafi da ya kwantar da kai wata biyu baya yana iya sauke lambar sosai, daga baya ta dawo da kanta. Shi ya sa ake maimaitawa, kuma idan akwai rashin lafiya a baya-bayan nan a jira wata 3 tukuna.

Yadda aka tara samfurin ma yana ɓata sakamako fiye da yadda ake zato. A ƙaurace wa fitar maniyyi kwana 2 zuwa 7. Ƙasa da haka yawan yakan ragu, sama da haka tsofaffin ƙwayoyi marasa motsi sukan yi yawa, don haka wanda ya daure mako uku don ya "tara" cutar kansa ya yi. A zuba a kwalbar da ɗakin gwaji ya bayar. Kororon roba na kasuwa, da man shafawa, da yawu, duk suna kashe motsin ƙwayoyin. Sashen farko na abin da ya fita shi ya fi ɗauke da ƙwayoyi, saboda haka idan ya zube a ƙasa ka faɗa wa ma'aikacin, kunya a nan tana jawo sakamakon ƙarya. Idan a gida aka tara, ya isa ɗakin gwaji kafin awa ɗaya, a aljihun da ke jikin fata, ba a firji ba, ba kuma cikin rana ba.

"Mene ne barikosil ɗin, kuma yaya yake rage ƙwayoyi?"

Kumburin jijiyoyin da ke kwashe jini daga ɗan maraina su mayar da shi sama ne. A cikin jijiyoyin akwai 'yan murafu da ke hana jini komowa ƙasa. Idan suka saki, jini ya taru, jijiyoyin su faɗaɗa su murɗe. 'Ya'yan maraina suna rataye a waje ne domin suna bukatar sanyin kusan digiri 2 ƙasa da zafin jiki, kuma waɗannan jijiyoyin su ne ke sanyaya jinin da ke shigowa. Da jini mai ɗumi ya kwanta a wurin, zafin ya hau, bututun ƙira su raunana: yawa ya ragu, motsi ya ragu, wani lokaci ɗan marainan ya ƙanƙance ya yi laushi.

Kusan 9 cikin 10 a hagu yake fitowa, saboda jijiyar hagu ta fi tsawo kuma tana shiga jijiyar ƙoda a tsaye, inda jini ke fuskantar turjiya. Likita yana duba mutum a tsaye. Idan sai an yi nishi ake jin sa da hannu, mataki na 1 ne. Idan ana jin sa ba nishi, na 2. Idan ana ganin sa da ido, kamar tsutsotsi a cikin jaka, na 3. Yakan saɓe idan an kwanta, kuma wasu na jin nauyi ko ɗan ciwo bayan doguwar tsayuwa. Wanda ya fito farat ɗaya, ko a dama kaɗai, ko ya ƙi saɓewa a kwance, yana bukatar sikanin ciki don a tabbatar ba wani ƙari ne ke danne jijiyar ba.

Kimanin maza 15 cikin 100 suna da shi, kuma mafi yawansu suna haihuwa ba tare da sun ma san da shi ba. A cikin mazan da ke neman haihuwa ba su samu ba, adadin yakan kai 35 zuwa 40. Ganin sa kaɗai bai tabbatar shi ne mai laifin ba.

"To in yi tiyata?"

Ana ba da shawarar ta ne idan abubuwa sun haɗu: barikosil da hannu ke ji, gwajin maniyyi mara kyau fiye da sau ɗaya, da rashin samun ciki, kuma an duba uwargida an ga lafiyarta lau ko matsalarta mai gyaruwa ce. Ɗan ƙaramin da sikanin kaɗai ya gano, hannu bai ji shi ba, yanka shi bai cika ƙara komai ba, kuma muna ganin ana gaggawar yin sa fiye da kima.

A aikin, ana ɗan tsaga ƙasan mara a ɗaure jijiyoyin da suka kumbura, a bar jijiyar da ke kawo jini, da bututun maniyyi, da siraran hanyoyin da ke kwashe ruwan jiki. Yin sa ƙarƙashin madubin tiyata ya fi, domin idan aka haɗa da hanyoyin ruwan nan aka ɗaure, ruwa yakan taru a maraina ya zama gwaiwa, idan kuma aka tsallake wata jijiya kumburin ya dawo. Akwai kuma hanyar toshe jijiyar daga ciki ta siririn bututu, ba yanka.

Kusan biyu cikin uku ne ke ganin lambobinsu sun gyaru, kuma ba a sake gwaji sai bayan wata 3, sannan wata 6. A misalinka, idan 9 ta koma 18, motsi ya koma kashi 40, lissafin zai zama 2.5 sau 18, miliyan 45, masu motsi miliyan 18. Ka kusa ninka masu motsin sau uku a takarda, amma ba alkawarin ciki ba ne. Shekarun matarka suna da nauyi a nan: idan ta haura 35, jiran wata 6 yana da tsada, kuma ya kamata a auna shi da zuwa kai tsaye ga hanyoyin taimakon haihuwa.

"Maganin ƙarfin maza ko allurar testosteron za su ƙara min ƙwayoyi?"

Sildenafil da danginsa hanyoyin jinin mazakuta kawai suke buɗewa, ba sa taɓa ƙirar ƙwayoyi. Allurar testosteron kuwa ɓarna take yi. Da ƙwaƙwalwa ta ga sinadarin ya yi yawa a jini, sai ta daina aika LH da FSH, saƙonni biyun da ke sa maraina aiki. Sha'awa ta ƙaru, ƙarfi ya ƙaru, ƙwayoyi kuma su sauka har zuwa sifili cikin 'yan watanni. Bayan an daina, farfaɗowa na iya cin wata 6 zuwa shekara, wani ma fiye. Allurar gina tsoka ta masu ɗaga ƙarfe ma haka take. Idan ka taɓa amfani da ɗayansu, ko wani haɗi da ba ka san abin da ke ciki ba, ka faɗa wa likita kafin a ɗora laifin a kan barikosil.

Haka kuma ka gaya masa idan ka taɓa yin hangum bayan balaga har maraina suka kumbura, ko ciwon sanyi, ko tiyatar ƙaba, ko ɗan marainanka bai sauko ba kana yaro. Idan gwaji na biyu ya faɗi ƙasa da miliyan 5 a mililita, a auna FSH da testosteron da safe, a kuma yi gwajin ƙwayoyin gado kafin a sa ranar tiyata.